Yadda Mai Motocin Haya Zai Yi Lissafin Hali Uku Kafin Kuɗin Mai Ya Tashi

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin makon ya ƙare, litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a gidajen man Kano. Na ga masu mota da yawa a wannan makon suna lissafi a tsaye a bakin tasha, direba na jiran kuɗin mai, fasinja na jiran a tashi, su kuma ba su san ko sawun nan riba zai kawo ko faɗuwa ba. Lissafin da ya kamata a yi a zaune tun watanni kafin nan, shi ake yi da zufa a goshi.

Abin da zan nuna maka shi ne yadda ake yin wannan lissafin tun da sauran sanyi. Za ka zana hali uku da sana'arka za ta iya shiga nan da wata shida: na sauƙi, na tsanani, da wanda ka fi zato. Kowanne za ka fitar da abin da zai rage maka a wata, sannan ka rubuta abin da za ka yi in ya zo. Na sha yi wa kaina, na kuma zauna da abokan sana'a mun yi nasu. Zan yi misali da Homa mai cin mutum 18 da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna. Alƙaluman motar na misali ne, kai ka sa naka.

Abin da za ka tanada

Littafin balas na wata uku da suka wuce, rasit ko bayanin man da aka sha, takardun bakanike da na mai kayan gyara, da takardar yarjejeniyar bashin mota in akwai. Sai babban littafi mai layi, biro, da kalkuletar waya. Ka kuma ware yammaci guda da babu mai kiranka, ka gayyato direbanka da ka fi yarda da shi, domin akwai kuɗaɗen hanya da shi kaɗai ya san su.

In ba ka da littafin balas, kada ka yi lissafin da ka. Ka jinkirta mako biyu, ka rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita kullum, sannan ka dawo.

Mataki na 1: Gano lita nawa motarka ke sha a sawu ɗaya

Nan ne ginshiƙin komai, nan kuma aka fi yin kuskure. Mafi yawan masu mota sun san naira nawa suke ba direba na mai, amma ba su san lita nawa motar ke ƙonawa ba. Naira tana canzawa da farashi. Lita ba ta canzawa sai in motar ce ta samu matsala, don haka da lita za ka yi aiki.

Ka je gidan mai da kanka, a cika tanki har bakinsa. Motar ta yi aikinta na kwana uku ko huɗu, ana rubuta duk litar da aka ƙara a hanya. Ranar ƙarshe a koma gidan man nan, famfon nan, a sake cika tanki. Haɗa dukkan litocin da aka zuba bayan cikawar farko, ka raba da yawan sawun da aka yi. Zuwa sawu ɗaya ne, dawowa wani sawun. Ba ka buƙatar agogon kilomita, wanda dama a yawancin motocinmu ya daɗe da mutuwa.

Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Idan aka haɗa da kewayen gari da tsayuwa a cunkoso, motar misalinmu tana shan lita 35 a sawu.

Lokacin da na fara wannan awon, na tarar da wata motata tana shan lita shida fiye da 'yar'uwarta a hanya ɗaya. Na so in zargi direban, Allah ya sa ban yi saurin magana ba. Da bakanike ya buɗe, matatar iska ta toshe baƙi ƙirin, fulogi biyu sun ci, tayoyin baya kuma iskarsu ba ta kai ba. Watanni ina zubar da kuɗi a kwalta ban sani ba. Saboda haka ka auna kowace mota daban, kada ka ɗauki ta ɗaya ka ɗora wa sauran.

Mataki na 2: Raba kuɗin da ke fita gida biyu

Akwai kuɗin da ba ya fita sai mota ta motsa, akwai wanda zai fita ko tana fake a ƙofar gida. Ja layi a tsakiyar shafi, ka raba su.

Na sawu, ban da mai, a motar misalinmu: kamashon tasha da kuɗin ƙungiya naira 9,000, direba da yaron mota 8,000, ƙananan kuɗaɗen hanya 2,000, sai gyara 13,000. Jimla 32,000. Wannan na gyaran shi mutane ke mantawa, saboda ba kullum ake biyansa ba. Taya, birki, juyen baƙin mai, kuloci, duk kowane sawu yana cin rabonsa a cikinsu. Haɗa abin da ka kashe a kansu a wata uku ka raba da sawun wata ukun.

Na wata: biyan bashin mota naira 600,000, takardu da inshora idan an raba su kan wata goma sha biyu 60,000, da ajiyar babban gyara irin na inji ko giya 100,000. Jimla 760,000.

Idan motar taka ce ba bashi a kanta, kada ka sa sifili a gurbin bashin. Sa abin da za ka riƙa ajiyewa don sayen wata ranar da wannan ta gaji.

Mataki na 3: Fitar da halin da kake ciki yau

A ce lita tana naira 900, kujera naira 5,000, motar kuma tana yin sawu 40 a wata. Cikakken lodi ya kawo 90,000. Mai ya ci 31,500, sauran kuɗin sawu 32,000, saura 26,500. Wannan ragowar ta sawu ɗaya ka ja mata layi, za mu yi ta komowa kanta. Sau 40 ta ba da 1,060,000. Cire 760,000 na wata, riba ta tsaya a naira 300,000.

Kafin ka wuce, duba ko wannan ya yi kama da abin da kake gani a hannunka. In takarda ta ce 300,000 amma kai 150,000 kake gani a ƙarshen wata, akwai ƙofar da kuɗi ke fita ba ka rubuta ba. Nemo ta tukuna.

Daga nan ka fitar da lambobi biyu da ya kamata ka haddace. Ta farko: duk ƙarin naira 100 a lita yana cin 3,500 a sawu, wato 140,000 a wata, wato kusan naira 200 a kan kowace kujera. Da wannan a kanka, ranar da aka zauna a tasha ana gardamar nawa za a ƙara, kai da hujja za ka yi magana. Ta biyu: motar tana shan lita 1,400 a wata, don haka in ka raba ribar 300,000 da 1,400 za ka ga ƙarin naira 214 kacal ya isa ya cinye ta. Ma'ana da lita ta kai wajen 1,115 ba a taɓa kuɗin kujera ba, aikin banza kake yi.

Mataki na 4: Zaɓi farashin mai na kowane hali

Kada ka zaɓi lambar da ranka ke so. Duba abin da ya taɓa faruwa. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, kafin zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. A Mayun 2016 ta tashi daga 86 da kwabo 50 zuwa 145, ƙarin kusan kashi biyu bisa uku. A 2023 ta kusa ninkawa uku cikin kwanaki, a Yulin shekarar ta haura 600, kuma a Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. Masu motocin dizal sun ga tasu a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, lokacin da kuɗinsa ya ninka fiye da biyu.

Manyan tsallen fetur ɗin nan yawanci cire tallafi ne ya kawo su. Yanzu da farashi ke bin kasuwa, abu biyu ke jan sa: kuɗin ɗanyen mai a duniya da darajar naira a kan dala. Mu a Arewa akwai na uku, kuɗin dakon tanka daga kudu, shi ya sa litarmu ta fi ta Legas tsada. A ganina ninkawa uku a dare ɗaya ya yi wuya yanzu, amma ƙarin kashi biyu bisa uku cikin wata shida abu ne da mai hankali zai yi wa shiri. Don haka na sa halin tsanani a 1,500, wanda aka fi zato a 1,100, na sauƙi a 800. Saukowar ma tana yiwuwa, mun gani bayan matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 aka shiga gasar farashi.

A halin tsanani ka tuna da ƙarancin mai. Farashin da ke allon gidan mai ba shi za ka biya ba in layi ya kai kilomita guda kuma dole ka sha rabin tanki a wajen 'yan bumburutu. Sa matsakaicin abin da zai fita daga aljihunka.

Mataki na 5: Motsa sauran lambobin tare da man

Wannan ne zuciyar aikin. Mai koyo yakan canza kuɗin mai kaɗai ya bar komai yadda yake, sai lissafi ya yi masa ƙarya. Mai ba ya tashi shi kaɗai. Abubuwa uku suke biyo shi.

Kuɗin kujera zai tashi, amma ba kai kaɗai ke yanke shi ba, ƙungiya ce a tasha, kuma fasinja yana da iyakar da zai iya. In aka matsa, sai ya koma tsayawa a bakin titi yana tare motar da ta fi araha, ko ya aika saƙon a waya ya fasa tafiyar.

Kayan gyara za su tashi, domin dalar da ta ɗaga mai ita ce ke sayo taya da baƙin mai. Direba ma zai nemi ƙari, kuma yana da gaskiya, kwanon masara bai tsaya jiransa ba.

Na ukun shi ne wanda wanda bai zauna a tasha ba ba zai gane ba. Raguwar fasinja ba a kujera take nunawa ba, tunda mota ba ta tashi sai ta cika. A sawu take nunawa. Lodin da ke cika cikin awa ɗaya sai ya kai awa uku, layi ya ƙi tafiya, motarka ta isa Kaduna da la'asar ta kwana a Kawo tana jiran layin gobe. Kowane sawu cike yake, amma a ƙarshen wata 28 ka yi maimakon 40. Saboda haka a lissafinka ka bar mutum 18 yadda suke, ka rage sawu.

Ga yadda suka fito.

Halin da aka fi zato: lita 1,100, kujera 5,500, sauran kuɗin sawu 34,000, sawu 37. Lodi ya kawo 99,000, mai ya ci 38,500, ragowar sawu 26,500. A wata 980,500, a cire 760,000, riba 220,500. Lura da kyau: ƙarin kuɗin kujera ya rufe ƙarin mai da na gyara tsaf, amma sawu ukun da aka rasa sun tafi da kusan naira 80,000.

Halin tsanani: lita 1,500, kujera 6,000, sauran kuɗin sawu 38,000, sawu 28. Lodi 108,000, mai 52,500, ragowa 17,500. A wata 490,000. Faɗuwar naira 270,000 ke nan duk wata a mota ɗaya.

Halin sauƙi: lita 800, kujera ta ɗan sauka zuwa 4,800 saboda gasa, sauran kuɗi 32,000, sawu 43. Ragowa 26,400, riba a wata 375,200.

Dubi tazarar. In abu ya yi kyau ƙarin 75,000 za ka samu a kan na yau. In ya ɓaci, 570,000 za ka sauka. Wannan rashin daidaiton shi ya sa ba na yarda mutum ya ci bashin sabuwar mota yana dogaro da halin sauƙi.

In kana aiki da Excel ko Google Sheets, sa kuɗin lita a B1, kuɗin kujera a B2, yawan sawu a B3, sauran kuɗin sawu a B4, kuɗin wata a B5, sannan a B6 ka rubuta:

```
=(B2*18-B1*35-B4)*B3-B5
```

Kwafa shi zuwa C da D don sauran halayen biyu. Wanda ba shi da wannan, biro da takarda sun wadatar, shafi ɗaya ga kowane hali.

Mataki na 6: Lissafa tsabar kuɗin da za ta riƙe ka

Tambaya biyu ce a nan. Nawa kake buƙata da asuba kafin mota ta fita? Yau lita 70 ta zuwa da dawowa naira 63,000 ce, a halin tsanani 105,000. Mai mota uku daga 189,000 ya koma 315,000 kullum. Sannan wata nawa za ka iya jure faɗuwa? Ni wata uku nake sawa. Sau uku na 270,000 ya zama 810,000 a kan kowace mota. Wannan shi ne asusun da za ka fara tarawa daga ribar yau, a ajiye shi daban da kuɗin gida da na gyara. In ba zai taru gaba ɗaya ba, fara da na wata ɗaya.

Mai kwangilar ɗaukar 'yan makaranta ko ma'aikatan kamfani, naka ya fi tsanani, domin farashinka a ɗaure yake har ƙarshen zango ko shekara. Gwada shi: mai a 1,500, kuɗin shiga na nan a 90,000, ragowar sawu ta koma 5,500 tun kafin kayan gyara su motsa. Kada ka sake sa hannu a takardar da ba ta ce in lita ta motsa da naira 100, sama ko ƙasa, za a gyara farashi da kaza ba. Sa "ko ƙasa" ɗin, shi ke sa ɗaya ɓangaren ya yarda.

Mataki na 7: Rubuta alamar kowane hali da abin da za ka yi

Lissafin da ba a ɗaura masa aiki ba, ado ne a littafi. A ƙasan kowane shafi ka rubuta alamar da za ta nuna maka ka shiga halin, da matakin da za ka ɗauka. Alamar ta zama abin da ido ke gani: farashin gidajen mai uku da kake sha, da yawan sawun mako. Misali, lita ta kai 1,100 ta kwana bakwai a nan, ko sawun mako ya sauka ƙasa da tara, ka shiga hali na tsakiya, wato wanda aka fi zato. Lita ta wuce 1,300, ko sawu ya sauka zuwa bakwai mako biyu a jere, tsanani ya taho.

A hali na tsakiya aikin na tsimi ne. A duba iskar taya kowace safiya, a yi sabis a kan lokaci, a daina barin inji na aiki ana lodi, direba ya rage gudu. Ka nemi saƙonni da ƙananan kaya da shatar biki. Lita biyu da ka tsira da ita a sawu, a farashin 1,100, ta haura naira 80,000 a wata, daidai abin da sawu ukun nan suka ɗauke.

A halin tsanani, abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya fake motar. Duba takardarka kafin ka karɓi makulli. Motar da ke aiki tana faɗuwar 270,000, wadda aka fake kuwa bashinta da takardunta na nan suna jira, 660,000 ko da ka dakatar da ajiyar babban gyara. Muddin ragowar sawu ba ta koma sifili ba, fita ta fi zama. A misalinmu sai lita ta kai 2,000 kujera na 6,000 kafin fakewa ta zama daidai. Ciwon yana wajen bashin ne: kana buƙatar sawu 44 kafin ka rufe 760,000, kasuwa kuma 28 take bayarwa. Don haka matakin farko shi ne zama da wanda ya ba ka motar, ka nuna masa shafin, ka nemi a sassauta biyan wata zuwa wajen 330,000 na ɗan lokaci a tsawaita wa'adin. Wannan maganar tun yanzu ake buɗe ta, kana biya a kan lokaci fuskarka da haske. Ranar da ka riga ka tsallake wata biyu, kunnensa ya toshe.

Abu biyu nake roƙonka kada ka sa a cikin matakanka. Kada ka tara fetur a jarkoki a gida ko gareji don gudun tsada, gobara ɗaya ta fi duk ribar da kake hange, kuma rayukan iyalinka ne. Kada kuma ka cike giɓi da ƙara mutum a kujera ko ɗage canjin taya da birki.

Batun mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda gwamnatin tarayya ta fara turawa tun 2023, ka ba shi nasa shafin. Kafin ka duba arahar, tambayi kanka ko akwai wurin shan gas a duka bakin hanyarka biyu, awa nawa ake yi a layinsa, tukunyar kuma wurin kaya nawa za ta cinye. Sawu ɗaya da layi ya hana ka, ka cire shi daga ribar.

A halin sauƙi, ƙarin da ya shigo ya wuce asusun wata ukun nan har ya cika.

Mataki na 8: Sabunta shi

Ranar ɗaya ga kowane wata ka buɗe littafin, ka rubuta ainihin farashin lita, kuɗin kujera da sawun watan da ya wuce kusa da abin da ka zata. Kada ka yi awon sawu da watan Sallah ko ƙarshen shekara, lokacin da tasha ke cika maƙil, haka nan kada ka yi da tsakiyar damina kaɗai. In farashin yau ya kai lambar da ka sa a halin da ka fi zato, ta zama halin yau ke nan, sai ka zana sababbi uku daga kanta. Awon lita kuma ka maimaita shi duk wata uku, da duk lokacin da aka taɓa inji ko aka canza direba.